Jeranta Shafukan Farko na Kundin Digiri, Daga Shafin Take Zuwa Jerin Jadawali da Zane-zane

Kundin digiri yana da kashi uku: shafukan farko, sai gundarin aikin wanda aka rarraba babi-babi, sannan manazarta da rataye a ƙarshe. Shafukan farko su ne waɗanda ɗalibi yake kammalawa a ƙarshen komai, a lokacin da ya gaji kuma aljihunsa ya yi sanyi, alhali su ne mai jarrabawa da shugaban sashe da ma'aikacin ɗakin karatu suke fara buɗewa. Saboda haka ne ake yawan mayar wa ɗalibi da kundinsa a kan abin da bai shafi bincikensa ba ko kaɗan. Wanda yake zaune kusa da jami'a zai iya gyarawa ya dawo a yinin, amma malamin makarantar da yake koyarwa a wani ƙauye na Auyo ko Garki, ko ma'aikacin lafiyar da yake aiki a karkarar Sumaila, kowane kuskure a waɗannan shafuka yana nufin wani kuɗin motar, da wani kuɗin bugun, da sake farautar malaman da za su sa hannu.

Kafin a shiga jerin, dole a faɗi abin da yake gaba da kowace shawara, wato ƙa'idar makarantar da ɗalibi yake. Ko a Jami'ar Bayero ta Kano yake, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, abin da ya kamata ya fara nema shi ne rubutacciyar ƙa'idar da makarantar karatun gaba da digirin farko ko sashensa ya fitar, kuma duk inda bayanin da zan yi ya saɓa da ita, ita ce za a bi. Abin da ɗalibai suka fi yi shi ne aron tsohon kundin wani su kwaikwaya, kuma ban ga laifin duba shi don ganin fasali ba, sai dai tsohon kundi yana iya kasancewa an yi shi a kan ƙa'idar da aka riga aka sauya, ko kuma yana ɗauke da kuskuren da ya tsallake ba a lura ba, sai mai kwaikwayo ya gaje shi.

Duk da bambancin da ke tsakanin makarantu, jerin da aka fi bi a jami'o'in Nijeriya kusan ɗaya ne. Bayan bango da farar takardar da ke biye da shi, shafin take ne yake fara zuwa, sai iƙirarin ɗalibi, sai tabbatarwar mai duba aiki, sai amincewar masu jarrabawa. Daga nan sai sadaukarwa da godiya, sai tsakure, sai ƙunshiya, sai jerin jadawali, da jerin zane-zane, da jerin hotuna, da jerin rataye, sannan jerin gajerun kalmomi. Wanda ya haddace wannan jerin kawai zai rikice da zarar makarantarsa ta matsar da shafi ɗaya, amma wanda ya gane dalilin da ya sa aka jera su haka zai san abin da yake iya matsawa da abin da ba ya matsawa. Shafuka huɗu na farko suna tabbatar da mai aikin da waɗanda suka tsaya masa, na tsakiya maganar ɗalibi ce ta kansa, na ƙarshe kuwa suna nuna wa mai karatu inda zai sami kowane abu a cikin kundin.

Shafin take ba shi da yawan rubutu, amma ya fi kowane rashin yafe kuskure. Yana ɗauke da taken aikin, da cikakken sunan ɗalibi, da lambar rajistarsa, da jimlar da take bayyana cewa an gabatar da kundin ga sashe kaza na tsangaya kaza a jami'a kaza domin cika wani ɓangare na sharuɗɗan samun digiri kaza, sannan wata da shekara. Taken dole ya zama wanda sashe ya amince da shi, kalma da kalma, domin akwai takardar da aka rubuta shi a ofis, kuma da ita za a gwada. Idan taken da aka amince da shi ya ce bincike ne a kan noman shinkafa a ƙaramar hukumar Auyo, ɗalibi kuma ya ga ya fi daɗin ji ya rubuta kwarin Haɗeja, to ya sauya faɗin binciken ne gaba ɗaya a idon mai duba takardu. Haka sunan ɗalibi: yadda yake a takardar ɗaukarsa karatu haka zai fito, da jerinsa da rubutunsa. Mu a karkara mun saba da mutum ya ƙara sunan garinsu a ƙarshen sunansa, ko ya rubuta Muhammad yau, gobe ya rubuta Mohammed, to shafin take ba wurin wannan sassauci ba ne. Watan da ake rubutawa kuwa ba watan da aka fara buga aikin ba ne. Ƙa'idar makaranta ce take faɗin ko watan kare kundi ne ko watan miƙa gyararren kwafi.

Shafuka ukun da ke biye, wato iƙirari da tabbatarwa da amincewa, su ne aka fi cuɗanyawa, har ka ga an sa amincewa a gaban iƙirari saboda ana ganin manyan malamai ne suke sa hannu a kanta, don haka ya kamata a girmama su a sa su gaba. Jerin bai dogara da girman muƙami ba, ya dogara da wanda maganarsa take jiran ta wani. Duk wanda ya taɓa halartar cinikin gona ya san yadda takardar take tafiya: mai gona ne yake fara faɗa da bakinsa cewa gonar tasa ce kuma ba ta cikin rigima, sannan shaidu su sa hannu a kan abin da ya faɗa, daga ƙarshe dagaci ya buga hatimi, kuma babu dagacin da zai buga hatimi a takardar da mai gona bai ce komai ba tukuna. A shafin iƙirari, wanda a kundin Ingilishi ake yi wa kanun `DECLARATION`, ɗalibi ne yake magana da bakinsa: aikin nan nasa ne, ya yi shi a ƙarƙashin kulawar malam wane, bai taɓa gabatar da shi a wani wuri don neman wata takardar shaida ba, kuma duk abin da ya ɗauko daga aikin wasu ya ambaci mai shi. Shi kaɗai yake sa hannu, da kwanan wata. Wannan shafi ba ado ba ne, domin idan daga baya aka gano satar fasaha a cikin kundin, da wannan sa hannun za a kama shi.

A shafin tabbatarwa, mai kanun `CERTIFICATION`, mai duba aikin ne yake shaida cewa ɗalibin ya gudanar da binciken da rubutun a ƙarƙashin kulawarsa, kuma a wurare da yawa shugaban sashe yana sa hannu tare da shi. Shafin amincewa, mai kanun `APPROVAL`, shi ne yake cewa an jarraba kundin kuma an yarda ya cancanci digirin, saboda haka a nan ake samun sunan mai jarrabawa na waje, da na cikin gida, da mai duba aiki, da shugaban sashe, da shugaban makarantar karatun gaba da digirin farko ko wakilinsa. Wasu makarantu suna haɗe tabbatarwa da amincewa a shafi ɗaya, kuma idan haka ƙa'idar ta ce, ba a ƙirƙiro shafi na biyu don kawai an gan shi a kundin wata jami'a. Abin da ba ya sauyawa shi ne iƙirarin ɗalibi yana gabansu.

Akwai wata fa'ida a zaman waɗannan shafuka a can gaba wadda ba kasafai ake faɗarta ba. Su ne kaɗai shafukan da ba a iya sake bugawa a banza, domin suna ɗauke da sa hannu na biro, kuma mai jarrabawa na waje daga wata jami'a yake zuwa, wataƙila daga wata jiha, idan ya tafi kuwa sake samunsa aiki ne. Da yake babu abin da ke gabansu sai shafin take, lambobinsu ba sa motsi duk gyaran da za a yi a bayansu: iƙirari yana nan a ii, tabbatarwa a iii, amincewa a iv. Da a ce an sa su bayan godiya ko bayan ƙunshiya, da ƙarin layi biyu a godiyar ya isa ya sauya lambar shafin da aka riga aka sa wa hannu. Abu ɗaya ne yake iya lalata su, shi ne sauya take, domin taken yana maimaituwa a cikinsu. Saboda haka ɗalibi ya tabbatar da taken ƙarshe kafin ya miƙa wa kowa shafin sa hannu, ya tambayi adadin kwafin da za a ɗaure, ya buga shafukan sa hannun daidai da wannan adadin a kan irin takardar da za a buga sauran kundin, ya kuma duba rubutun sunan kowane malami da muƙaminsa na yanzu. Malamin da ya zama Farfesa a bara ba zai ji daɗin ganin Dakta a ƙarƙashin layin sa hannunsa ba, kuma yana da hujjar mayar da shafin.

Sadaukarwa da godiya ba su da wahala, kuma wasu makarantu suna sa godiya a gaban sadaukarwa, wanda hakan bai ɓata komai ba. Sadaukarwa layi biyu ko uku ce. Godiya ce take zarcewa, domin bayan godiya ga Allah da mai duba aiki da malaman sashe, ɗalibi yana jin nauyin iyaye da iyali da kawunai da abokai da hakimi da duk wanda ya taɓa ba shi kuɗin mota. A ganina shafi ɗaya ya wadatar, kuma waɗanda suka fi cancantar ambato bayan malamai su ne waɗanda aikin ya tsaya a kansu kai tsaye, kamar manoman da suka amsa tambayoyi, da malamin gonar da ya yi jagora, da hukumar da ta ba da tallafi idan akwai. Sai dai a kula: idan an yi wa waɗanda aka tattauna da su alkawarin sakaya sunayensu, ba a zuwa godiya a jera su ɗaya bayan ɗaya.

Tsakure shi ne shafin da ya fi yawo. A wasu ƙa'idoji yana zuwa bayan godiya kafin ƙunshiya, a wasu kuma shi ne shafin ƙarshe na wannan kashi, daf da babi na ɗaya. Duka biyun suna da hujja, domin na farko yana ba mai karatu taƙaitaccen aikin da wuri, na biyu kuma yana sa shi ya zama mashigar gundarin aikin. Ɗalibi ba shi da zaɓi a nan sai abin da aka rubuta masa. Galibi sakin layi ɗaya ne wanda bai wuce shafi guda ba, da adadin kalmomin da aka ƙayyade, kuma yana faɗin matsalar da aka bincika, da hanyar da aka bi, da abin da aka gano, da shawarar da ta fito daga ciki. A sassan da ake rubuta kundi da Hausa ko Larabci akan nemi a haɗa da tsakure na Ingilishi, kuma wannan ƙarin shafi ne da za a lissafa a cikin lambobi.

Daga ƙunshiya zuwa ƙasa aikin shafukan ya koma nuni. Ƙunshiya tana gaba domin ita ce take nuna komai, har da wuraren da sauran jerin suke. Jadawali shi ne bayanin da aka tsara a layuka da ginshiƙai. Zane ya haɗa da taswira, da zanen alƙaluma, da zanen da ke nuna tsarin wani abu. Hoto kuwa shi ne wanda aka ɗauka da kyamara, kuma makarantu da yawa suna ware masa jerinsa daban, wasu har suna ba shi lambobin Romawa manya. Wasu ƙa'idoji suna gabatar da jerin zane-zane a kan na jadawali. Kowane jeri yana farawa a sabon shafi, kuma kowane layi a cikinsa yana da abu uku: lamba, da take, da shafi. Taken da ke cikin jeri dole ya yi daidai da wanda ke jikin jadawalin harafi da harafi, ba a gajarta shi don ya shiga layi ɗaya. Idan kundi ba shi da hoto ko ɗaya, ba a buɗe shafin jerin hotuna a bar shi fanko. A cikin gundarin aikin an saba sa taken jadawali a samansa, na zane da hoto a ƙasansu, ko da yake tsarin rubutun bincike na APA bugu na 7 yana sa na zane ma a sama, don haka a duba wanda sashe yake bi. Jerin gajerun kalmomi ana jera shi bisa haruffan abacada, ba bisa inda kalmar ta fara fitowa ba.

Abin da ya ɗaure dukkan waɗannan shafuka shi ne lambobinsu. Shafukan farko suna ɗaukar ƙananan lambobin Romawa, wato i, ii, iii, iv, gundarin aiki kuma yana farawa daga 1 a shafin farko na babi na ɗaya. Bango ba ya cikin lissafi. Shafin take ana lissafa shi a matsayin i amma ba a buga lambar a jikinsa, shi ya sa lambar farko da ido yake gani ita ce ii. Dalilin raba lambobin gida biyu shi ne shafukan farko ba sa zama wuri ɗaya sai a ƙarshe, kuma da a ce lissafi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, da duk lokacin da ƙunshiya ta ƙaru da shafi sai dukkan lambobin da ta nuna su zama ƙarya, har da waɗanda aka gyara yanzu.

Mu ɗauki misalin wani malamin sakandare da ke zaune a wani ƙauye kusa da Haɗeja, wanda ya rubuta kundin digiri na biyu a kan noman shinkafar rani. A kwafin da ya kai wurin kare kundi, take yana i, iƙirari ii, tabbatarwa iii, amincewa iv, sadaukarwa v. Godiyarsa ta cinye shafi biyu, vi da vii, tsakure yana viii, ƙunshiya ta kama daga ix zuwa xi, jerin jadawali xii, jerin zane-zane xiii, jerin hotuna xiv, jerin rataye xv, gajerun kalmomi xvi. Yana da jadawali 13, biyu a babi na uku, goma sha ɗaya a babi na huɗu, masu lambobi daga 4.1 zuwa 4.11, inda lambar farko take nuna babi, ta biyu kuma take nuna matsayin jadawalin a cikin babin. Masu jarrabawa suka ba shi gyara biyu da suka shafi wannan magana: ya rage godiyar ta koma shafi ɗaya, kuma ya haɗe jadawali na 4.3, mai nuna shekarun manoma, da na 4.4, mai nuna yawan iyalinsu, su zama ɗaya.

Gyaran farko ya janyo komai da ke bayan godiya baya da shafi ɗaya. Tsakure ya koma vii, ƙunshiya ta koma viii zuwa x, jerin jadawali xi, zane-zane xii, hotuna xiii, rataye xiv, gajerun kalmomi xv. Shafukan sa hannu ba su motsa ba, babi na ɗaya kuma yana nan a shafi na 1. Gyara na biyu shi ne mai dogon wutsiya. Jadawalin da yake 4.5 ya zama 4.4, na 4.6 ya zama 4.5, haka har na 4.11 ya zama 4.10, wato jadawali bakwai sun sauya lamba, jimilla kuma ta koma 12. Da yake an cire kusan rabin shafi daga babi na huɗu, wasu jadawalin da zane-zanen da ke bayansa sun hau shafin da ya gabata, babi na biyar ma yana iya matsowa. Sannan duk inda ya rubuta a cikin bayani cewa a duba jadawali na 4.7, yanzu yana tura mai karatu wurin da ba shi ba ne. Gyara ɗaya ke nan ya taɓa wuri huɗu: taken jadawalin, da ambatonsu a cikin bayani, da jerin jadawali da na zane-zane, da ƙunshiya. Ɗalibin da ya gyara na farko ya manta da sauran ukun, shi ne wanda mai jarrabawa na cikin gida zai buɗe jerin jadawalinsa ya ga 13, ya ƙirga a ciki ya sami 12.

Yawancin ɗaliban da ke karkara ba su suke buga aikinsu ba, suna kai wa mai buga takardu a cikin gari, a shagon da ake tayar da janareta idan an ɗauke wuta. Yana da kyau ɗalibi ya zauna kusa da shi ranar da za a haɗa waɗannan shafuka, ya san abin da zai nema. Da yawa daga masu bugun suna rubuta ƙunshiya da hannu, suna danna ɗigo-ɗigo har su kai bakin layi, shi ya sa ake ganin lambobin shafi a karkace kamar ba layi ɗaya suke ba. Idan aka yi magana sai ka ji an ce, “Malam, ai haka muke yi wa kowa, ba a taɓa dawo mana da shi ba.” Mai yiwuwa gaskiya ne, amma irin wannan ƙunshiyar ba ta san an gyara komai ba, sai an bi ta layi-layi da hannu bayan kowane sauyi.

A manhajar Microsoft Word, raba lambobin Romawa da na gundarin aiki yana buƙatar a yanka fayil ɗin gida biyu. Ana ajiye alamar rubutu a ƙarshen shafin ƙarshe na shafukan farko, a shiga `Layout`, sai `Breaks`, a zaɓi `Next Page` a ƙarƙashin `Section Breaks`. Daga nan a buɗe ƙasan shafin babi na ɗaya a kashe `Link to Previous`, a shiga `Format Page Numbers` a zaɓi 1, 2, 3, a sa `Start at` ya zama 1. Sai a koma kashin farko a zaɓi i, ii, iii, a kunna `Different First Page` domin lambar ta ɓuya a shafin take. Akwai tarko biyu a nan. Idan an kunna `Different First Page` tun kafin a yanka fayil ɗin, kashi na biyu yana gadon wannan saiti, sai shafin farko na babi na ɗaya ya fito babu lamba, kuma maganinsa shi ne a shiga wannan kashin a kashe shi. Na biyu, idan wani ya goge alamar yankan bisa kuskure, shafukan farko suna ɗaukar tsarin kashin da ke bayansu, sai lambobin Romawa su ɓace. Danna `Ctrl+Shift+8` yana bayyana ɓoyayyun alamomi, a ga ko yankan yana nan. Tsakanin shafi da shafi kuma a yi amfani da `Ctrl+Enter`, ba danna `Enter` sau ashirin ba, domin wannan tarin layukan banza shi ne yake sa kanun godiya ya wayi gari a tsakiyar shafin sadaukarwa.

Jerin jadawali da na zane-zane suna iya haɗa kansu idan tun farko an sa taken kowane jadawali ta `References`, sai `Insert Caption`. Mai rubutu da Hausa yana iya danna `New Label` ya rubuta Jadawali ko Zane ko Hoto. Bayan haka `Insert Table of Figures` yana fitar da jeri ɗaya ga kowane laƙabi da aka zaɓa, da take da lambar shafi, `Cross-reference` kuma yana ɗaure ambaton da ke cikin bayani da jadawalin kansa. Da malamin misalinmu ya bi wannan hanya, bayan ya haɗe jadawalin biyu sai ya danna `Ctrl+A`, sannan `F9`, ya zaɓi `Update entire table`, lambobin bakwai da ambatonsu da jerin duk su daidaita. Iyakar wannan hanya ita ce, lamba irin 4.3 mai haɗe da lambar babi ba ta fitowa da kanta sai an ba kanun babi lamba ta atomatik da salon `Heading 1`. Idan da hannu aka rubuta kanun ba tare da wannan salon ba, abin da zai fito a wurin lambar shi ne `Error! No text of specified style in document.` Haka kuma idan aka goge wani kanu aka bar ƙunshiya ba a sabunta ta gaba ɗaya ba, ana iya ganin `Error! Bookmark not defined.` a inda lambar shafi ya kamata ta kasance, kuma an sha ɗaure kundi da wannan rubutu a cikinsa. Wanda aikinsa ya riga ya kammala da hannu, kuma jadawalinsa ba su wuce goma sha wani abu ba, ba sai ya rushe komai ba. Ya gyara da hannu, amma ya bar wannan aikin ya zama na ƙarshe, bayan ya tabbata ba zai ƙara ko rage layi ɗaya a cikin babi ba.

Ko da an gama komai daidai, fayil ɗin yana iya sauya fasali idan aka buɗe shi a wata kwamfuta ko a waya, musamman idan babu irin harafin da aka yi amfani da shi, ko kuma girman takardar da aka saita ba A4 ba ne. Layi ɗaya da ya zame zuwa shafi na gaba ya isa ya tura jadawali gaba, jerin da aka sha wahalar gyarawa ya koma kuskure. Saboda haka bayan sabuntawar ƙarshe a mayar da fayil ɗin PDF, a kai wa mai bugawa wannan, ba na Word ba. A buga kwafi ɗaya tukuna, ba a ɗaure ba. Ɗalibi ya riƙe shafukan farko a hannu, wani ya riƙe gundarin aikin, shi yana karanta lamba da take da shafi daga jeri, ɗayan yana buɗewa yana tabbatarwa, daga layin farko na ƙunshiya har layin ƙarshe na jerin rataye. Sannan su juya, mai riƙe da gundarin aikin ya bi shafi-shafi yana kiran kowane jadawali da zane da hoton da ya gani, domin ta haka ne kawai ake gano wanda yake cikin kundin amma bai shiga jeri ba. A gwada taken da ke bango da na shafin take da na shafukan sa hannu, a kuma duba cewa gefen hagu yana da faɗin da ƙa'ida ta nema, wanda sau da yawa yakan kai inci ɗaya da rabi, don kada ɗauri ya cinye farkon layuka. Idan wannan kwafin ya fita lafiya, sai a buga sauran, a saka shafukan da aka sa wa hannu a gurabensu na ii da iii da iv a kowane kwafi, a ƙirga su a gaban mai ɗaurin littafi kafin ya sa gam.